Yadda za ki yi idan jinin al'ada ya wuce mako guda, da abin da likita zai fara dubawa

Mata da yawa a Zariya sun san hukuncin tun daga Islamiyya: a mazhabar Malikiyya iyakar haila kwana 15 ce, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne. Sai mace ta ga jini ya kai kwana goma ta ce ai da sauran lokaci. To wancan lissafi na salla da azumi ne, ba a auna lafiyar jiki da shi. A asibiti, al'adar mace mai lafiya kan ɗauki kwana 2 zuwa 7, wata ta taɓa 8. Abin da ya wuce haka yana bukatar a duba, musamman idan ba haka kika saba ba, ko ya maimaita wata biyu a jere.

Matakin farko a gida yake, kuma shi ne lissafi. Ki rubuta ranar da jinin ya fara, da ranar da na watan jiya ya fara. Ki ƙirga audugar mata ko ƙunzugu nawa kike canjawa a yini, ko kina tashi cikin dare don canjawa, ko yana ɓata miki zani. Ki lura da gudaji, ƙanana ne ko manya. "Jinin yana da yawa" ba ya gaya wa likita komai. Amma idan kika ce "auduga bakwai jiya, sau biyu na tashi da dare", ya san inda ya dosa. Duk maganin da kika sha ki zuba a jaka ki tafi da shi, har na gargajiya da wanda aka haɗa miki a kemis. Kada ki sha asfirin don ciwon mara, yana ƙara zubar jini.

Akwai halin da ba a jiran gari ya waye. Idan auduga tana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya, aka yi haka awa biyu a jere, ko kina ganin jiri idan kin miƙe, ko zuciya na bugawa da sauri, ko ciwon mara mai tsanani ya tsaya a gefe ɗaya, a kai ki sashen gaggawa nan take, ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko asibitin koyarwa na Shika, ko duk wanda ya fi kusa.

A ɗakin likita, kafin a nemi dalilin zubar, ana fara duba ɓarnar da ta riga ta yi. Za a auna bugun jini da hawan jini, likita ya ja fatar idonki ta ƙasa ya duba, ya kalli tafin hannu. Idan sun yi fari, jini ya yi ƙasa.

Daga nan sai gwajin da ya fi ɓata wa mata rai: gwajin ciki. Mace ta ce, "Likita, jini nake zubarwa, wane ciki kuma?" Don Allah kada ki ji haushi. Ana yi wa duk macen da ke shekarun haihuwa, ko tana shayarwa, ko tana tazarar haihuwa, kuma ba zargi ba ne. Ƙaramin ciki da ke ɓarewa yakan zo tamkar al'adar da ta ƙi tsayawa. Haka ma cikin da ya zauna a wajen mahaifa, a bututun da ƙwai ke bi: jinin da ake gani kaɗan ne, yana ɗiga, alhali bututun na iya fashewa jini ya zuba cikin ciki. Fitsari kaɗan da 'yan mintuna sun isa a gane, kuma sakamakon ne ke raba hanya. Idan akwai ciki, a ranar za a yi sikanin a ga inda yake, maganar al'ada ta kau ke nan.

Sai awon jini. A takardar gwaji za ki ga an rubuta PCV, wato kaso nawa cikin ɗari na jininki ne jajayen ƙwayoyin jini. Ga macen da ba ta da ciki, ƙasa da kashi 36 ƙarancin jini ne. Idan ya sauka sosai, kusan 20 ko ƙasa, ko numfashi yana yi miki wuya, ana iya kwantar da ke a ƙara miki jini.

Mu ɗauki misali. Mace ce mai shekara 38, haihuwarta biyar, daga Tudun Wada. Da al'adarta kwana biyar ce, amma wata huɗu ke nan tana kai kwana 11, da gudaji. Tana share tsakar gida sai ta dafa bango ta huta. Gwajin ciki bai nuna komai ba, PCV ɗinta 27. Likita ya tambaye ta tazarar haihuwa, ta ce ba ta yi. Tambayar tana da dalili: allurar wata uku da ashanar da ake sawa a damtse sukan sa jini ya riƙa ɗiga tsawon kwanaki, musamman a watannin farko, robar mahaifa mai jan ƙarfe kuma takan ƙara yawansa. Ya latsa mararta ya ji mahaifa ta girma kamar ta mai cikin wata uku. Ya duba bakin mahaifa ya ga lafiya lau. Sikanin ya nuna ƙarin nan na mahaifa da ake kira faibiroid, ɗaya ya kutsa cikin ramin mahaifar. Irin wannan, ko ƙarami ne, shi ya fi sa zubar jini. Aka ba ta maganin rage zubar jini mai suna tiranekzamik asid, giram 1 sau uku a yini na kwana huɗu idan jinin ya zo, da ƙwayar ƙarin jini da za ta ci gaba da sha har wata uku bayan jininta ya dawo daidai, aka sa ranar tattauna cire ƙarin. Shi tiranekzamik asid likita ne ke rubutawa, domin bai dace da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ba.

Duba bakin mahaifa shi ne inda kunya ke hana mata, har wata ta ɗauki jakarta ta tafi. Kina da ikon neman likita mace, ko ki ce wata ma'aikaciya ta tsaya tare da ke. Amma kada a tsallake shi, musamman idan kina ganin jini bayan saduwa, domin sikanin ba ya maye gurbin ido wajen gano sankarar bakin mahaifa. Budurwar da ba ta yi aure ba galibi ba a yi mata wannan dubawar, ta saman mara ake yi mata hoto.

Shekaru kuma suna sauya abin da ake nema. Yarinyar da ta fara al'ada bara, yawanci ƙwai ne bai daidaita fita ba tukuna. Amma idan tun farko jininta mai yawa ne, ga yawan haɓo, sai a gwada ko jininta yana daskarewa yadda ya kamata. Wadda ta kai 45 kuwa, ko da sikanin ya nuna faibiroid, likita kan so ya ɗebi ɗan naman cikin mahaifa a kai gwaji. Idan an ce ki dawo karɓar sakamako, ki dawo ko da jinin ya tsaya, ki kuma zo da takardar nan ta lissafin kwanaki.