Yadda Ake Kafe Kaya a Saman Shafin Instagram, da Tsawon Zamansa a Can

Wata ƙanwata mai sayar da turaren wuta a Samaru ta kawo mini wayarta rai a ɓace. Ta ɗora hotunan kwalabenta a Story ranar Juma'a, ranar Lahadi ta zo zuba su a Highlights, wato da'irorin saman shafi da ake ajiye Story a ciki, babu ko ɗaya. "Yaya, ko kutse aka yi mini?" Ba wanda ya taɓa ta. Ma'ajiyarta ce, wato Archive, a kashe.

Don haka daga nan nake sa kowa ya fara. Shiga saitin Instagram, nemi Archiving and downloading, ka kunna Save story to archive. Story awa 24 yake yi ya sauka. In ma'ajiya a kunne take, can yake komawa, ko bayan wata shida ka ɗauko shi. In a kashe take, kuma ba ka sa shi a Highlights kafin ya sauka ba, ya tafi, sai ka sake ɗorawa ka sake ƙona data.

Yanzu ka buɗe shafinka, danna New a layin da'irorin da ke ƙasan bayaninka, zaɓi hotunan, sa suna. Highlight ba shi da wa'adi, yana nan har ranar da ka cire shi da hannunka, kuma yana ɗaukar hoto ko bidiyo har 100. Amma a kula: hoton da ke ciki shi ne dai na ma'ajiya. Ka goge shi a Archive da sunan share tarkace, ya ɓace a Highlight ɗin ma. Sannan duk Highlight ɗin da ka ƙara wa sabon abu, shi ke tsallakowa gaba. Ni uku nake bari, Farashi, Shaida, Adireshi. Fiye da haka ba mai dubawa.

Kafe hoto kuwa ba wuya. Buɗe shi, taɓa alamar zaɓuɓɓuka ta kusurwar sama, zaɓi layin da ke da kalmar Pin. Guda 3 ake yarda, na huɗu sai ɗaya ya sauka. Wanda ya sauka bai goge ba, gurbinsa na asali yake komawa bisa ranar da aka ɗora shi. Shi ma hoton da aka kafe ba ya sauka da kansa, kuma nan ƙanwar tawa ta sake tuntuɓe: farashin kafin azumi yana kafe har bayan babbar sallah, wata hajiya daga Tudun Wada ta tura kuɗin tsohon farashi ta ce ai shi ta gani a sama. Kar ka kafe hoton da aka rubuta farashi a jikinsa. Sa farashin a rubutun ƙasa, wanda ake iya gyarawa.

WhatsApp ne mai wa'adi: saƙon da ka kafe a zaure awa 24 yake yi, ko kwana 7, ko kwana 30. In ba ka canza ba, kwana 7 zai ba ka.