Darasi na Bakwai: Tuna Mutuwa da Ƙaruwar Godiya

Kowa ya san zai mutu, amma sanin baki daban, sanin zuci daban. Mutum yakan ce "duniya ba gidan zama ba ce", ya tashi ya ci gaba da ƙorafinsa. Irin wannan tunawa ba ta taɓa zuciya. Wadda ke taɓawa ita ce wadda mutum ya sa kansa a ciki.

A shekarar 2011, masanin halayyar ɗan Adam Philip Watkins da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa wani bincike. Sun sa wasu ɗalibai su ƙaddara cewa gobara ta rutsa da su a saman bene, ba hanyar fita. Wasu kuma aka ce su yi tunanin ranar da suka saba. Godiyar rukunin farko ta fi ƙaruwa. Dalilin da ake bayarwa shi ne, abin da ka saba da shi ba ka ganinsa, sai ka hango rabuwa da shi.

Ga yadda ake yi. Ka zaɓi safiya, domin yin sa daf da kwanciya yana hana wasu barci. Minti biyar sun isa. Zauna wuri shiru, ka ce a ranka: "A ce yau ce ranata ta ƙarshe." Kada ka tsaya kan ciwo ko tsoro. Tambayi kanka: me zan fi jin zafin bari? Ka ambaci abu guda da sunansa, kada ka ce "komai".

Ɗauki misalin uwa mai yawan faɗa da ɗanta saboda surutu. Ta zauna, ta ƙaddara gobe ba ta nan. Abin da ya fara faɗo mata shi ne muryar yaron yana kwaɗa mata kira daga bakin ƙofa, takalmi ɗaya a hannu, yana neman ɗayan. Jiya wannan kiran ne ya ɓata mata rai. Yanzu ta ji ba abin da take so kamarsa. Nan ne, a ganina, aikin yake: ta tashi a ranar ta saurare shi har ya gama maganarsa. In ba a yi wani abu a ranar ba, jin yakan gushe kafin azahar.

Ba kowa wannan ya dace da shi ba. Wanda bai daɗe da yin rashi ba ya dakata tukuna. In ka ga gabanka na faɗuwa, barci ya ƙaurace maka, ko ka fara jin gara ma ka mutu, ka daina nan take, ka gaya wa wanda ka amince da shi, ka ga ma'aikacin lafiya.

Aiki: rubuta jimla ɗaya da ta fara da "Zan yi kewar", sannan ka rubuta abin da za ka yi a kai kafin rana ta faɗi.