Takardar shaidar adireshi: kurakuran da ke sa banki ya mayar da bil ɗin wuta

Ƙanena yana sayen shinkafa shanshera a hannun manoman fadamar Argungu, yana kai wa masu casa a Birnin Kebbi. Shekara uku yana harka da ƙaramin asusun da ya buɗe a waya, bai taɓa samun matsala ba, sai ranar da wani mai saye ya tashi tura masa naira 850,000 kuɗin suka ƙi shiga. Asusunsa na mataki na ɗaya ne, wanda kuɗin da ke cikinsa ba sa wuce naira 300,000. Mataki na biyu yana tsayawa a 500,000. Wanda ke son asusun da ba shi da wannan iyaka sai ya hau mataki na uku, a nan ne kuma banki ke cewa, bayan BVN da NIN, a kawo shaidar inda ake zaune. Sau uku yana zuwa bankin kafin a karɓi takardunsa, kuma duk abin da ya mayar da shi gida abu ne da na sha gani a wurin wasu.

Abin da ma'aikacin banki yake nema a takardar abu uku ne: adireshin da ke jikinta ya yi daidai da wanda ka rubuta a fom, kwanan watanta ya zama na kusa, sannan a ga abin da ya haɗa ka da gidan. Bil ɗin wuta ya samu karɓuwa ne don mita a jikin bango take, ba ta tashi ta bi mutum kasuwa. Amma shaidar da yake bayarwa ita ce akwai gida a wuri kaza. Bai ce kai ne kake kwana a ciki ba. Yawancin kurakuran daga nan suke tasowa.

A zuwansa na farko, ƙanena ya ɗauki 'yar siririyar takardar da mai POS ya ba shi lokacin da ya sayi wuta. A jikinta akwai lambar mita, da lambobi 20 na tokin, da kuɗin da ya biya, da sunan mai mitar. Adireshi babu. Wasu injinan suna buga shi, wasu suna yanke shi a tsakiya, wasu ba sa kawo shi sam. Ga shi irin wannan takarda zafi ne ke rubuta ta, ba tawada ba, kwana kaɗan a aljihu cikin zafin Birnin Kebbi rubutun ya dushe. Ma'aikaciyar ta duba ta ce, "Malam, ina adireshin a nan?" Ya duba, shi ma bai gani ba.

Gyaran wannan ba wuya. Kamfanin da ke rarraba wuta a Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Kaduna shi ne Kaduna Electric. Mai mitar kati ya nemi cikakken rasit, wanda ke ɗauke da sunan mai mita da adireshi da kwanan wata, ko dai daga ofishin kamfanin ko daga manhajar da ya sayi wutar, in tana bayar da rasit na PDF. Kafin ka buga shi, buɗe ka tabbatar adireshin ya fito gaba ɗaya. Hoton fuskar waya da ke nuna saƙon tokin ba rasit ba ne. Wanda ba shi da mitar kati kuwa, bil ɗin da ake kawo masa duk wata shi ne takardarsa, kuma ya fi kyau ya haɗa da rasit ɗin biya, don akwai bankunan da ke son ganin an biya.

Sai kwanan wata. Abin da aka saba nema shi ne takardar da ba ta wuce wata uku ba, ana lissafi daga ranar da ka miƙa ta. In ka je banki a watan Oktoba, bil ɗin Yuni ya tsufa, komai kyansa. Wannan yana kama mutanen da suka sayi wuta mai yawa a lokaci ɗaya, da kuma waɗanda taransifomarsu ta lalace suka yi watanni ba su saya ba. Kada ka tsaya neman tsohuwar takarda a ƙasan akwati. Sayi wuta ko ta kuɗi kaɗan ce, ka karɓi sabon rasit mai kwanan watan yau.

A zuwa na biyu ya kawo rasit mai kyau, na satin da ake ciki. Nan ne aka shiga abin da ya fi cin lokaci. Sunan da ke kan mitar na mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa, kamar yadda yake a gidajen gado da yawa a cikin gari, inda mita ɗaya ke ba sassa huɗu ko biyar wuta. Mutane da dama suna ɗauka cewa wannan kaɗai ya isa a ƙi takarda, har wasu su tafi neman canza sunan mita, aikin da ke buƙatar takardun gida da jira, wani lokaci har da jan magana tsakanin magada. A gaskiya bankuna da yawa suna karɓar bil da sunan wani, don sun san yawancin 'yan haya da 'ya'yan gida ba su da mita da sunansu. Abin da wasu ke ƙarawa shi ne a kawo abin da zai haɗa ka da mai sunan. Ɗan haya ya kawo yarjejeniyar haya ko rasit ɗin kuɗin haya mai ɗauke da sunansa da na mai gida da adireshin nan ɗaya. Matar aure da ɗan gida, sau da yawa sunan miji ko na uba da ke jikin NIN ɗinsu yana wadatarwa, in bai wadatar ba a ƙara wasiƙar mai gidan da sa hannunsa.

Ƙanena sunan mahaifinmu yana cikin sunansa, don haka ba nan ya faɗi ba. Adireshi ne ya kayar da shi. A fom ya rubuta inda rumbunsa yake, don can yake wuni, can ne kuma duk wanda ke nemansa zai same shi. Rasit ɗin wuta yana nuna gidanmu. NIN ɗinsa kuma yana ɗauke da gidan da ya taɓa haya a Badariya lokacin da ya yi rajista. Mutum ɗaya, wuri uku. Ni a ganina ma'aikaciyar ba ta yi laifi ba da ta mayar da shi, don ko ita ta karɓa, na samanta zai dawo mata da fayil ɗin. Fom yana bambanta adireshin zama da adireshin wurin sana'a, bil ɗin kuma na wurin zama ake nema. Abin yi shi ne ka ajiye rasit ɗin a gabanka, ka kwafi adireshin kamar yadda yake a jikinsa, da lambar gida in akwai, sannan ka cike gurbin da ake tambayar alamar da ta fi kusa da gidan. Adireshin NIN kuwa, in ya tsufa, ana gyara shi a wurin hukumar NIMC, kuma gara a gyara, don yanzu kusan kowace ma'aikata daga can take jawo bayananka.

Gurbin alamar nan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake ɗauka. Lunguna da yawa a tsohon gari da sababbin unguwannin bayan gari ba su da sunan titi, gidajen ba lamba. Adireshin mita sau da yawa sunan shiya ne kawai da sunan gari. Rubuta "kusa da masallaci" bai taimaki kowa ba a unguwar da ke da masallatai goma. Faɗi wane masallaci, wace makaranta, gida na nawa daga kwana, ƙofar wane launi.

Dalili shi ne takarda ba ita ce ƙarshen bincike ba. Banki yakan tura mutum ya je ya ga gidan da idonsa, ya tambayi maƙwabta, wani lokaci ya ɗauki hoto. Da aka zo neman ƙanena, yaran ƙofar gida suka ce ba su san mai wannan suna ba, kuma ba ƙarya suka yi ba: sunan yanka ne a takarda, unguwa kuwa da laƙabinsa ta san shi tun yana yaro. Dattijon da ke zaune a zaure ya san sunan sarai, amma ya yi shiru, don a halin tsaron da ake ciki ba kowa ke nuna wa baƙo gidan mutum ba. Aka rubuta ba a same shi ba. Sai da ya koma ya nemi a sake turowa. A karo na biyu ya gaya wa mutanen gida da maƙwabta cewa wani zai zo daga banki yana tambayar wane ɗan wane, ya kuma bar wayarsa a kunne yana ɗaga baƙuwar lamba.

To wanda ba shi da wuta fa? Ƙauyuka da yawa ba a kai musu ba, wasu gidajen a gari sun koma sola sun manta da mita. Bil ɗin hukumar ruwa yana aiki in akwai shi. Takardar mallakar gida ko fili, da rasit ɗin harajin fili, da yarjejeniyar haya, duk ana karɓa a wurare da yawa. Ma'aikaci yana iya kawo wasiƙar wurin aikinsa mai nuna inda yake zaune. Wasiƙar mai unguwa ko uban ƙasa mai hatimi tana da nauyi a wasu rassan, musamman na ƙananan garuruwa, amma ka tambayi reshen kafin ka je fada, don ba kowane banki ya sa ta cikin jerinsa ba. Takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma kuwa kada ka wahalar da kanka: asalinka take faɗa, mutumin Zuru yana iya riƙe ta yana zaune a Legas. Fasfo ma ba ya ɗauke da adireshin gida. Katin zaɓe da lasisin tuƙi suna da adireshi, sai dai yawanci a matsayin shaidar kai ake karɓarsu, a sake neman wata takardar daban ta gida.

Akwai wanda ya ba ƙanena shawarar ya kai rasit ɗin maƙwabci shagon kwamfuta a goge suna a sa nasa. Wannan jabu ne, kuma kama shi ba ya ɗaukar minti ɗaya. Duk wanda ya shigar da lambar mita a manhajar sayen wuta zai ga sunan ainihin mai ita, ma'aikacin banki ma wayar nan ce a hannunsa. Rasit na gaskiya da sunan wani ana iya ƙara masa takarda ya wuce, na bogi da sunanka kuwa yana iya jawo a rufe asusun.

Wasu wuraren, kamar kamfanonin fansho da dillalan hannun jari, sukan karɓi bayanin asusun banki mai hatimi a madadin bil, in bai wuce 'yan watanni ba. Sai dai adireshin da bankin ya ajiye shi ne zai fito a kai, ko da na gidan da ka bari shekara biyar ne. Shi ya sa da aka ɗaga asusun ƙanena na ce ya nemi a buga masa shafi ɗaya ya duba saman takardar kafin ya fita daga bankin. Adireshin rumbu ne har yanzu a wurin, sai da ya cike wani ɗan fom na sabunta bayanai aka sauya shi zuwa na gida.