Yadda ake shimfiɗa gwajin irin dawa rukuni-rukuni

A ce iri huɗu za ka gwada: Tabat, Wad Ahmed, Arfa Gadamak da irin gida. Kowanne sau huɗu za a shuka shi, fangali 16 ke nan. Kada ka yi ƙasa da haka, ko da kuɗin lebura ya yi maka yawa.

Kafin ka kafa turke ko ɗaya, ka taka gonar ranar ban-ruwa. A gonakin Jazira ta Sudan ruwa daga bakin abu ishrin, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, yake shigowa, gaba ta sha ta ƙoshi, ƙarshen gona ya samu abin da ya rage. Wannan bambancin na ƙasa da ruwa shi ne abokin gabanka.

Sai ka yanka gonar rukuni huɗu, kuma a nan masu koyo ke faɗuwa. Rukuni a gicciye yake kwanciya, yana bin gefen magudanar, ta yadda fangali huɗun da ke cikinsa nisansu da ruwa ɗaya ne. Na farko a bakin ruwa, na huɗu a can ƙarshe. Ni a gwajina na farko, kusa da Wad Madani, a tsaye na ja su, kowane rukuni ya taso daga bakin ruwa har ƙarshe, domin hakan ya fi sauƙin jan igiya. Da aka auna, jimillar kowane rukuni ta zo kusan ɗaya, alhali da ido ana ganin dawar gaba ta fi ta baya. Alamar ke nan: bambancin ya zauna a cikin rukunin, bai fita ba.

Ga dalili. A ce a rukunin bakin ruwa Tabat ya ba da kilo 9, Wad Ahmed 8, a na ƙarshe kuma 6 da 5. In ka cakuɗa su, Wad Ahmed mai 8 ya doke Tabat mai 6, ka rasa na zaɓa. In ka kwatanta su cikin rukuni ɗaya, tazarar kilo ɗaya ce nan da can. Kilo ukun da ke tsakanin rukunin gaba da na ƙarshe na ruwa ne, lissafi zai ware shi a gidan rukuni, ba zai faɗa cikin kuskuren gwaji ba. Amma ba kyauta ba ne: darajar 'yancin kuskure, wato yawan kwatancen da ya rage don auna kuskuren gwaji, tana sauka daga 12 zuwa 9: a 15 na fangali 16, an cire 3 na iri da 3 na rukuni. A gonar da ƙasarta da ruwanta bai-ɗaya ne, wannan asara ce kawai.

Kowane iri sau ɗaya zai fito a kowane rukuni, kuma ƙuri'a ce za ta ba shi wuri. Takardu huɗu a hula sun isa, amma a sake jefawa ga kowane rukuni, kada a kwafi jerin na farko.

Shuka, noma da girbi, a gama rukuni ɗaya kafin a shiga na gaba. In rana ta faɗi, a tsaya a kan iyakar rukuni. Wajen girbi a bar layukan gefe, a auna na tsakiya.