Yadda na rabu da makero

Wata biyu makero na cin hannuna. Man da na fara shafawa yana kwantar da ƙaiƙayi, amma zoben sai ƙara faɗi yake yi. Ashe akwai sitiroyid a cikinsa, betamethasone, wanda ke danne garkuwar fata, naman gwarin da ke jawo makeron ya samu damar yaɗuwa. Likita ta ce in ajiye shi, ta rubuta clotrimazole zalla, man shafawa mai kashe naman gwari. Safe da dare nake wanke wurin, in busar da shi sosai, in shafa har santimita 2 a wajen zoben. A sati na biyu tabon ya ɓace. A nan na saba dainawa a baya, shi ya sa yake dawowa. Wannan karon na ƙara sati biyu, na kuma ware tawul ɗina. Alhamdulillahi, bai dawo ba.