Darasi na Tara: Abin da Ya Sa Littafi Yake Birkicewa Idan An Jefa Shi Sama

Kayan aikin yau ba sai an je babbar kasuwar Maradi ba. Kowane rukuni ya samo littafi ɗaya mai kauri da bango mai ƙarfi, da roba ko zaren da za a ɗaure shi tamau, da alli, da abin awo mai santimeta. A shimfiɗa tabarma, domin littafin zai faɗi ba sau ɗaya ba. Kada kowa ya kawo littafin addini, kuma kada a yi gwajin da wayar hannu, ko da yake ita ma haka take yi.

Jifa uku

Littafi yana da tsawo, da faɗi, da kauri, saboda haka hanyoyi uku ne na juya shi cikin tsari. Ku ɗauka an soka tsinke ta tsakiyarsa, yana juyawa a kan tsinken. Inda tsinken ya bi shi ne layin juyi. Layi na 1 yana bin tsawon littafin, daga sama zuwa ƙasa. Layi na 2 yana bin faɗinsa, daga ƙashin baya zuwa bakin shafuka. Layi na 3 yana huda bangon gaba ya fita ta bangon baya. Ku rubuta 1, 2, 3 da alli a inda kowane layi zai fito.

Yanzu mutum ɗaya ya jefa littafin sama kamar rabin mita, yana murza shi a kan layi na 1. Zai juya lafiya ya dawo hannu. A sake, a kan layi na 3, littafin yana kwance yana zagaye a lafe. Shi ma lafiya lau, in ban da ɗan kaɗawa.

Sai layi na 2. A riƙe littafin ta gefen ƙasa, bangon gaba yana kallon sama, ƙashin baya yana hagu. A wurga shi yadda kansa zai taso wajen mai jifa, ya yi zagaye ɗaya cikakke, a cafe. Da a ce ya bi layinsa, da bangon gaba ne zai dawo sama, ƙashin baya a hagu. Amma sau da yawa bangon baya za ku gani, ƙashin baya ya koma dama. Littafin ya ƙara wa kansa rabin murɗawa wadda ba wanda ya sa shi. Kowa a rukuni ya gwada sau goma, a rubuta sau nawa ya birkice. Mai hannu mai kyau zai yi ta cewa bari ya gyara jifa, ku ƙyale shi ya gyara. Ba a hannunsa matsalar take ba.

Nauyin juyi

Kowace mace ta san murza taɓarya tsakanin tafin hannu biyu ba wuya, amma a riƙe ta ta tsakiya a juya ta kai ya koma gindi, wannan sai da ƙarfi. Nauyinta bai canja ba. Abin da ya canja shi ne nisan itacen daga layin juyi: in nauyin yana nesa da layin, juyawa tana wuya. Wannan wuyar ita ce nauyin juyi, ana rubuta ta da harafin I. Littafi yana da guda uku, I₁, I₂ da I₃.

Ga abu mai siffar tubali lissafin yana da sauƙi. A bar gefen da layin yake bi, a ɗauki sauran biyun, a buga kowanne da kansa, a haɗa. Cikakken lissafi yana buƙatar a buga amsar da nauyin littafin a raba 12, amma tun da duka ukun za a yi wa haka, za mu iya barin wannan mataki. Mu ɗauki littafi mai tsawon santimeta 24, faɗi 16, kauri 3:

```
I₁ : 16×16 + 3×3   = 265
I₂ : 24×24 + 3×3   = 585
I₃ : 24×24 + 16×16 = 832
```

Layi na 1 ne ƙarami, na 3 babba. Na 2, mai birkicewa, shi ne na tsakiya.

Ƙa'idojin Euler

Da littafi ya bar hannu, babu sauran abin da ke murɗa shi. Jan ƙasa yana sauko da shi, amma a daidai tsakiyar nauyinsa yake aiki, don haka ba ya juya shi ko'ina. Iska kuma ba ta da wani tasiri a kan littafi mai nauyi cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Leonhard Euler, masanin lissafi da aka haifa a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1707, shi ne ya tsara ƙa'idojin irin wannan juyi, suna kuma cikin littafinsa na 1765 kan motsin abubuwa masu tauri. Ga su:

```
I₁ × dω₁/dt = (I₂ − I₃) × ω₂ × ω₃
I₂ × dω₂/dt = (I₃ − I₁) × ω₃ × ω₁
I₃ × dω₃/dt = (I₁ − I₂) × ω₁ × ω₂
```

Kada alamomin su firgita ku. Harafin ω, ana karanta shi omega, saurin juyi ne: ω₁ saurin juyi a kan layi na 1, haka sauran. Shi kuwa dω₁/dt yana nufin yadda wannan saurin yake ƙaruwa ko raguwa. Jere na farko yana cewa ne: juyin layi na 1 yana canjawa idan akwai juyi a kan na 2 da na 3 lokaci guda. Abin da ke cikin baka shi ke nuna wajen da canjin zai nufa. Nan za mu kafa ido, a kan alamar da ke gaban amsar kowace baka:

```
I₂ − I₃ = 585 − 832 = −247
I₃ − I₁ = 832 − 265 = +567
I₁ − I₂ = 265 − 585 = −320
```

Biyu suna ƙasa da sifili, ɗaya yana sama da shi. Duk sirrin darasin nan a cikin waɗannan alamomi uku yake.

Babu hannun da zai yi jifa ba tare da ɗan kuskure ba. Ko yaya, ɗan juyi kaɗan zai shiga sauran layukan biyu. Tambayar ita ce, me ke faruwa da wannan ɗan kuskuren?

Mu fara da jifa a kan layi na 3. A nan ω₃ ne babba, kurakuran su ne ω₁ da ω₂, sai mu dubi jere na farko da na biyu, masu −247 da +567. A ce ω₁ ya ɗan fi sifili. Jere na biyu, mai alamar ƙari, zai sa ω₂ ya fara hawa sama da sifili. Da ω₂ ya hau, jere na farko, mai alamar ragi, sai ya fara rage ω₁. Wato ω₁ ya haifi abin da zai danne shi. Haka za su yi ta kai da komo, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, ba wanda zai girma. Ɗan kaɗawar da kuka gani ke nan. A kan layi na 1 ma labarin ɗaya ne, domin +567 da −320 alamominsu sun saɓa.

To, ga layi na 2. Yanzu ω₂ ne babba, kurakuran su ne ω₁ da ω₃, jerin da za mu duba kuma na farko ne da na uku: −247 da −320, duka ragi. Ku bi shi a hankali. A ce ω₁ ya ɗan fi sifili. Jere na uku zai tura ω₃ ƙasa da sifili. A jere na farko kuma, −247 za a buga da ω₃ wanda shi ma ya koma ragi, ragi sau ragi kuwa ƙari yake bayarwa. Saboda haka ω₁ ƙaruwa zai yi. Da ya ƙaru sai ya ƙara tura ω₃ ƙasa, shi kuma ya ƙara ɗaga ω₁. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Wannan ba ga littafinmu kaɗai ba ne: duk lokacin da I₂ yake tsakanin sauran biyun, ya fi I₁ amma bai kai I₃ ba, dole bakan nan biyu su fito da alama ɗaya.

Da wane sauri kuskuren yake girma?

```
(247 × 320) ÷ (265 × 832) ≈ 0,36
√0,36 = 0,6
0,6 × 6,28 ≈ 3,77
e^3,77 ≈ 43
```

Lambar 0,6 ita ce wadda in an buga ta da kanta take ba da 0,36. Lambar 6,28 kuwa zagaye ɗaya ne a ma'aunin masu lissafi. Jere na ƙarshe sai da kalkuleta, malamin aji zai nuna maɓallin. Ma'anar 43 ita ce, da zarar kurakuran biyu sun kama ciyar da juna, kowane zagaye ɗaya yana ninka su kusan sau 43. Idan kuskuren ya fara a layi na 1 kaɗai, zagayen farko yana ba da kamar rabin wannan, wajen sau 21. Hannun da ya kauce da kashi 1 cikin 100 kawai, kafin littafin ya gama zagaye ɗaya kaucewar ta haura kashi 20 cikin 100, bai kuma isa ya gama na biyu a miƙe ba. Hannun yawancinmu ya fi haka kaucewa nesa ba kusa ba, shi ya sa zagaye ɗaya ya ishe mu ganin birkicewar.

Ku lura babu saurin jifa a cikin lissafin. Wanda ya ce zai murza da ƙarfi don littafin ya tsaya daidai, bai tsira ba: ninkin kowane zagaye yana nan a 43, sai dai abin ya faru da wuri.

Kuskuren ba ya girma har abada. Idan ya yi yawa, jere na biyu da muka ajiye gefe sai ya fara aiki, ω₂ ya ragu, ya ratsa sifili, littafin ya kife ya ci gaba da juyi a kan layi na 2 amma a birkice. Da ba zai faɗo ba, da zai sake kifewa ya koma yadda yake, ya yi ta maimaitawa. An ga haka a sararin samaniya: a 1985, Vladimir Dzhanibekov yana cikin tashar Salyut 7 ta Tarayyar Sobiyet, ya ga wani noti mai kunnuwa biyu yana shawagi yana juyi, yana kifewa lokaci bayan lokaci ba tare da an taɓa shi ba.

Idan gwajin bai fito ba

Idan littafin ya kusa zama murabba'i, tsawo da faɗi kusan ɗaya, I₁ da I₂ za su kusa daidaita, bakan jere na uku ya kusa sifili, ninkawar ta yi rauni. Ku canja littafi. Kayen makaranta mai shafuka kaɗan ma ba ya yi, iska tana kaɗa shi.

Ɗaurin roba kuma ba don shafuka su tsira kawai ba ne. Ƙa'idojin Euler na abu mai tauri ne wanda sassansa ba sa motsi. Abin da sassansa ke lanƙwasa yana asarar kuzari a hankali, har juyinsa ya ƙare a kan layi mai nauyin juyi mafi girma. Haka ta faru da tauraron ɗan'adam na farko na Amurka, Explorer 1, a 1958. Siriri ne dogo, an harba shi yana juyi a kan tsawonsa, amma eriyoyinsa masu lanƙwasa suka yi ta cin kuzarin har ya koma wuntsila kai da gindi. Juyin da ya fara da shi a kan tsawonsa, layi na 1 ke nan, wanda a hannunmu ya zauna lafiya.

Aikin gida

A nemi guntun katako wajen kafinta, tsawo santimeta 20, faɗi 10, kauri 4. Ku lissafa I₁, I₂ da I₃, ya kamata ku sami 116, 416 da 500. Ku fitar da amsar baka uku da alamominsu, ku rubuta a kaye layin da kuke zaton zai birkice tun kafin ku jefa. Sannan ku jefa sau goma a kan kowane layi, ku zo da ƙidayar aji mai zuwa.