Yadda Ake Kawata Falo da Sallah Ba Tare da Tara Shara Ba

Da farko, a fito da kayan adon bara mako guda kafin Sallah, a jona wayar fitilu a wuta domin a gane ko tana aiki, a kuma wanke labule da kyallayen ado a shanya su a inuwa, saboda rana tana kodar da launi.

Sannan, abin da ya rage a cike shi da kayan da ke ruɓewa a ƙasa, kamar faifan kaba, ƙwarya, zaren auduga da takarda marar sheƙi. A guji balan-balan da ƙyalƙyalin roba, domin ba sa zama taki, kuma awaki kan haɗiye su.

Bayan Sallah, a naɗe wayar fitilu a jikin kwali don kada ta sarƙe, a ajiye ta tare da kyallayen da suka bushe sarai a akwati mai murfi, nesa da danshi da gara. Takarda da ganye kuwa, a cire musu ƙusa da salatif, a yayyanka su, a zuba a ramin taki, a riƙa yayyafa ruwa.